Mai shiga tsakani ta san mai jari, amma zuciyarta ta karkata ga abokin rigimarsa

Lamarin da ke tafe na haɗa shi ne daga irin abubuwan da ke faruwa a zaman sulhu, don haka babu sunan kowa a ciki. Mutum biyu ne suka buɗe ƙaramin kamfanin ɗab'i, suka yi shekara 6 suna tare. Ɗaya ya zuba kuɗi, yana da kashi 60 cikin ɗari, bari mu kira shi mai jari. Ɗayan shi ke buɗe wurin kullum, shi ke hulɗa da ma'aikata da kwastomomi, yana da kashi 40, mu kira shi manaja. Da zama ya ƙi daɗi suka yarda a raba gari, sai dai yadda za a raba ya gagara. Manaja ya ce ya yi wata 14 bai ɗauki albashi ba don kada kamfanin ya durƙushe, kuma sai an fara biyansa kafin a taɓa komai. Mai jari ya ce manaja ya daɗe yana karɓar ayyukan gefe yana bugawa da injin kamfani, kuɗin na shiga aljihunsa. Akwai injina biyu, da jerin kwastomomi, da bashin masu kawo takarda da ba a biya ba.

Suka kai maganar wata cibiyar sulhu, cibiyar ta ba wata gogaggiyar mai shiga tsakani fayil ɗin. Tana buɗewa ta ga sunan mai jari. Sun yi aiki a ma'aikata ɗaya na shekara 3, kimanin shekara 8 da suka wuce, kowa da sashensa. Har yanzu lambarsa na wayarta, sukan gaisa jefi-jefi. Kuma da za ta bar wurin, shi ya rubuta mata takardar shaidar hali da ta nemi sabon aiki da ita.

Sanayya: abin da ta bayyana da yadda ta bayyana shi

Tambayar da ta fara yi wa kanta ita ce ko za ta iya yin adalci, kuma amsar ta zo da sauri: ƙwarai kuwa. Wannan amsar ba ta da wani amfani, domin kusan duk wanda aka tambaya haka zai ce. Tambayar da ke da nauyi ita ce: in manaja ya ji labarin takardar shaidar nan daga bakin wani bayan ya sa hannu a yarjejeniya, me zai ɗauka? Zai ce an haɗa baki an ci da shi, ko da kuwa ba a yi ba, kuma babu bayanin da zai goge wannan daga ransa.

Ƙa'idojin aikin ma nan suka dosa. Kundin ɗa'ar masu shiga tsakani na Tarayyar Turai, wanda ya fito a 2004, ya ambaci abubuwan da dole a bayyana: duk wata alaƙa ta kai ko ta kasuwanci da ɗaya daga cikin ɓangarorin, duk wata maslaha ta kuɗi ko waninta a sakamakon sulhun, da kuma ko mai shiga tsakanin ko wani a ofishinsa ya taɓa yi wa ɗayansu aiki a wani matsayi dabam. Ya kuma ce wajibin bayyanawar yana nan har a gama, ba ya ƙarewa a ranar farko. Kundin da Ƙungiyar Lauyoyin Amurka da wasu ƙungiyoyi biyu suka sabunta a 2005 ya ƙara da cewa mai shiga tsakani ya bincika da kansa ko akwai irin wannan alaƙa, ya faɗa da wuri gwargwadon iko, kuma in duka ɓangarorin sun amince zai iya ci gaba. Amma in alaƙar ta kai yadda mai hankali zai ga ta zubar da mutuncin sulhun, to ya janye ko da duk sun roƙe shi ya tsaya. Wato akwai alaƙar da amincewa ke wankewa, akwai wadda ba ta wankewa. Ɗan'uwa na jini, ko wanda kake binsa bashi, ko wanda kake yi wa aikin lauya a yanzu, waɗannan ba a tambayar kowa, ajiye fayil ake yi. Tsohon abokin aiki na shekara 8 baya yana cikin waɗanda ake bayyanawa a bar wa mutane zaɓi.

Da ta zauna rubuta bayanin, ta rubuta ma'aikatar, ta rubuta shekarun, ta rubuta gaisuwar waya. Da ta zo kan takardar shaida sai hannunta ya tsaya. Ta ce a ranta ai tsohon zance ne, shi kansa wataƙila ya manta. A ganina wannan tsayawar hannun ita ce ma'auni mafi aminci a wannan mataki: abin da ka ji kana nema masa dalilin da zai sa ka tsallake shi, shi ne ya fi cancantar a rubuta. Sauran bayanan sanayya ce kawai, amma takardar alheri ce da ya yi mata, kuma wanda aka yi wa alheri ana zaton zai rama. Ta rubuta.

Yadda ta isar da bayanin ya kai abin da ke cikinsa muhimmanci. Ta aika saƙo ɗaya, a rubuce, ga su biyun a lokaci guda, mako ɗaya kafin zama. Ba ta kira mai jari ta ce ashe kai ne ba, domin wannan kiran kaɗai ya ba shi wata ƙofa da abokin rigimarsa ba shi da ita. A ƙarshen saƙon ta ce duk wanda bai gamsu ba ya sanar da magatakardan cibiyar, ba sai ya ba da dalili ba, kuma za a naɗa wani ba tare da jinkirta zaman ba. Dalilin bi ta magatakarda shi ne mutum kan ji nauyin kallon idonka ya ce bai yarda da kai ba. In ka bari sai kowa ya zauna, an buɗe takardu, sannan ka ce af, na san wannan bawan Allah, ko akwai mai ja, to ba zaɓi ka ba su ba. Shirun da za ka samu na kunya ne, kuma daga baya zai zama ƙorafi.

Su biyun suka amince. Sai dai a tattaunawar share fage manaja ya faɗi abin da ya sa ta sake tsayawa. Ya ce: "Malama, ni daɗi ma na ji. Tunda kin san shi, ke ce za ki iya gaya masa gaskiya ya ji." Amincewa ce, amma a kan kuskuren fahimta: yana zaton ya samu wadda za ta matsa wa abokinsa. Ta ce masa: "Malam, gara mu fahimci juna tun yanzu. Ba zan yi amfani da sanayyarmu in lallashe shi ba, kamar yadda ba zan bari ya yi amfani da ita a kanka ba. In don wannan ka amince, ka sake tunani zuwa gobe." Washegari ya ce a ci gaba.

Inda matsalar ta fito

Duk wanda ya karanta zuwa nan zai zaci haɗarin shi ne ta sassauta wa mai jari. Ita ma haka ta zata, shi ya sa ta shiga zaman a ɗaure. Ta gaishe shi kamar baƙo, ba ta yi murmushi ga barkwancinsa ba, da ya katse manaja ta tsayar da shi nan take, da manaja ya katse shi sai ta bari ya ƙarasa. Tana ganin tana nuna wa manaja cewa babu sanayya a ɗakin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: wanda ya tsananta wa nasa don kada a zarge shi, shi ma ya karkata, sai dai ta ɗaya gefen.

Sannan aka shiga ganawar keɓe, inda mai shiga tsakani ke zama da kowane ɓangare shi kaɗai, da sharaɗin ba za ta kai wa ɗayan abin da aka faɗa mata ba sai da izini. Manaja ya ba ta labarin watannin nan 14: yadda ya sayar da motarsa ya biya ma'aikata, yadda yake kwana a wurin in aiki ya matse, yadda mai jari kan leƙo sau ɗaya a wata ya tambayi riba. Ya iya ba da labari, kuma labarin ya taɓa wani tsohon ciwo nata, don ita ma ta taɓa ɗaukar nauyin aiki wani ya kwashe yabon. A tsakiyar zancen ya amsa cewa e, ya buga wasu ayyuka na kansa da injin kamfani, amma da me zai ci? Ta gyaɗa kai ta wuce, ba ta tambaye shi ko nawa ne ba.

Da ta shiga wurin mai jari, mutum ne mai gajeriyar magana, yana jefo lissafi kamar mai karanta rasit. Ta jero masa tambayoyi masu zafi: in aka je kotu, da wace shaida zai tabbatar da ayyukan gefe? Ya san tsawon lokacin da shari'a ke ɗauka? Wa zai sayi inji a hannunsa in kwastomomi sun bi manaja? Tambayoyi ne masu kyau, irin waɗanda ake yi don mutum ya auna matsayinsa da gaskiyar al'amari. Aibinsu ɗaya, mutum ɗaya aka yi wa su.

Da aka dawo zaman haɗaka ta taƙaita batutuwan da cewa akwai haƙƙin albashin manaja na wata 14, akwai kuma zargin ayyukan gefe. Mai jari ya ajiye alƙalaminsa ya ce: "Malama, nasa haƙƙi ne, nawa zargi? Na ga kamar an riga an yanke hukunci."

Bai yi kuskure ba, kuma ita ta fi kowa sani, tunda da kunnenta ta ji manaja ya amsa abin da ta kira zargi. Albashin kuwa babu wata takarda da ta nuna an taɓa yanke nawa ne. Kalma biyu sun tona abin da ita kanta ba ta lura da shi ba.

Abin da ta yi a minti goma sha biyar

Abu mafi sauƙi a nan shi ne musu, a ce haba, ni ba na bayan kowa. Wanda ya ji an karkata ba ya sauka don an ce masa ba a karkata ba, sai ma ya ƙara tabbata. Ta ce: "Ranka ya daɗe, ka yi gaskiya a kan kalmomin nan. Ban auna su daidai ba. Batutuwa biyu ne da ba ku daidaita a kansu ba: batun albashi da batun ayyukan da aka buga da inji. Ina neman hutun minti goma sha biyar."

A hutun ba ta tsaya tambayar zuciyarta ko tana son wani ba, domin zuciya ba ta ba da shaida a kan kanta. Ta ɗauki takardar da take rubutu ta ƙirga abin da ke ƙirguwa. Ganawar keɓe: minti 50 da manaja, minti 20 da mai jari. Tambayoyin ƙure: biyar ga mai jari, babu ko ɗaya ga manaja. A rubutunta maganganun manaja suna nan da kalmominsa, na mai jari kuwa ta taƙaita su da nata. Ta kuma tarar ta riga ta zana rabon da take ganin ya dace a gefen shafi, tun kafin ɗayansu ya kawo tayi. Wannan na ƙarshen ya fi tayar mata da hankali, kuma da dalili. Mai shiga tsakani ba alƙali ba ne, ba ya yanke komai, amma shi ke zaɓar tambayar da za a yi, da batun da za a fara, da tayin da za a daɗe a kansa. In yana da sakamakon da yake so, zai kai mutane can ba tare da ya furta ba, su kuma su zaci da ƙafarsu suka je.

Sai ta yi wa kanta gwaji ɗaya: za ta iya faɗin hujjar mai jari yadda shi da kansa zai ce e, haka nake nufi? Ta gwada a zuci, ta ga abin da take da shi lissafi ne kawai. Ba ta san me ya sa mutumin ya kafe ba, saboda ba ta tambaya ba.

A nan akwai bambancin da nake ganin ana yawan ruɗewa a kansa. Alaƙa ana bayyana ta, domin abu ne da ya faru, mutane na iya auna shi su yanke shawara. Karkatar zuciya kuwa ba a zuwa a sanar da ita a tsakiyar zama. Da ta dawo ta ce gaskiya na fi tausayin manaja, da ta ɗora musu kayan da ba nasu ba: manaja zai ƙara tauri, mai jari zai tattara takardunsa. Abin da ake amsawa a fili shi ne aikin da ya fito, kamar kalmar da ta faɗa. Abin da ke ciki kuwa ko dai a gyara shi a aikace, ko a kai shi ga wani abokin sana'a ba tare da ambaton sunaye ba, ko a nemi na biyu ya shigo a yi tare, ko a janye.

Ta ba kanta zagaye ɗaya. In ta sake ganawa da su biyun ta ga har yanzu tana jin haushin nasarar mai jari, za ta ajiye. Ta ma shirya abin da za ta faɗa: cewa ta ga ba ita ce ta fi dacewa ta ƙarasa wannan aiki ba, cibiyar za ta naɗa wani. Ba za ta ƙara ko kalma ba, domin dalili mai tsawo kan fallasa abin da aka ji a keɓe, ko ya sa a zargi ɗaya da cewa shi ya kore ta.

Zagaye na biyu

Ta fara da mai jari, kuma ba ta tambaye shi lissafi ba. Ta ce ya gaya mata yadda aka yi ya zuba kuɗin tun farko. Ashe kuɗin sallamarsa ne daga aiki, gaba ɗaya. Shekara biyu yana jin ƙishin-ƙishin ayyukan gefe yana yin shiru don kada ya kunyata abokinsa, har ranar da wani kwastoma ya gode masa kan aikin da bai taɓa gani a littafin kamfani ba. Abin da ke cinsa shi ne an mai da shi wawa. Gajeriyar maganar da ta ɗauka taurin kai ce, ta mutumin da ke jin kunyar a ce an yaudare shi ce.

Sannan ta koma wurin manaja da tambayoyin da ba ta yi masa ba a farko. Ba za ta iya kai wa mai jari amsawar da ya yi ba, wannan sirri ne. Amma babu abin da ya hana ta tambayarsa shi: in kotu ta sa a binciki yawan takarda da tawadar da aka saya, aka gwada da ayyukan da ke littafi, me za a gani? Albashin da yake nema, a ina aka rubuta adadinsa? Ya yi shiru, sannan ya ce: "Malama, ɗazu kamar kin fahimce ni." Ta ce: "Har yanzu na fahimce ka, Malam. Tambayoyin nan su ne lauyansa zai yi maka, gara ka fara jin su a nan." Wannan shi ne kuɗin da ake biya in an gyara karkata a tsakiyar hanya: wanda ya saba da sassauci zai ji kamar an juya masa baya.

Wani abu ya rage da ke kama da goyon baya alhali ba shi ba ne. Manaja bai iya karanta bayanan kuɗi kamar mai jari ba, kuma in aka bar shi haka zai sa hannu a abin da bai gane ba. Taimaka masa ya gane halal ne, muddin ba ita za ta zama mai ba shi shawara ba. Don haka a zaman haɗaka ta ba su biyun shawarar su ɗauki akanta ɗaya da suka yarda da shi, kuma kowa ya nuna wa lauyansa daftarin kafin sa hannu. Duk abin da za ta yi wa ɗaya, ta tambayi kanta ko za ta iya yinsa a gaban ɗayan.

Bayan mako uku akanta ya kawo rahoto. Kafin a buɗe shi, manaja da bakinsa ya amsa ayyukan gefen a gaban abokinsa. Suka daidaita cewa za a lissafa masa albashin wata 14 a kan adadin da akanta ya ga ya dace da irin aikin, a cire ribar ayyukan gefe, a biya masu takarda daga abin da ya rage kafin rabo. Manaja ya ɗauki ƙaramin inji da kwastomomi, mai jari ya ɗauki babban, bambancin kuma manaja zai biya cikin wata 10.

Ta sa an ƙara sakin layi ɗaya a yarjejeniyar, mai cewa an sanar da ɓangarorin biyu alaƙarta da mai jari a rubuce, a rana kaza, kuma sun amince. Ba don ado aka saka shi ba. Yarjejeniyar Singafo ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka fara sa wa hannu a 2019 kan sulhun kasuwanci tsakanin ƙasashe, ta ba kotu damar ƙin zartar da sulhu in mai shiga tsakani ya ɓoye abin da ke jawo shakka kan adalcinsa, kuma ɓoyewar ta yi tasirin da ba don shi ba da ɓangaren bai sa hannu ba. Rigimar mutum biyun nan ba ta ƙasa da ƙasa ba ce, amma duk wanda ya yi nadamar sulhu daga baya, irin wannan ƙofar yake fara nema.

Wata biyu bayan haka mai jari ya aiko mata saƙo: yana son ta duba masa wata sabuwar yarjejeniyar haɗin gwiwa, zai biya. Manaja na da sauran wata 8 na biya, kuma in aka samu saɓani wurinta za su dawo. Ta gode masa, ta ce ba za ta iya ba, ta ba shi shawarar ya nemi wani lauya, sannan ta sanar da magatakardan cibiyar don a saka a fayil.